Me ya sa awon jinin Inna yake hawa a gida, amma idan mun je asibiti sai ya sauka?

Baban Iliyasu, Garwa

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar lafiya a cikinmu, domin al'amarin mahaifiyata ya ɗaure mini kai. Inna tana da shekara 66, kuma shekara huɗu ke nan da likita ya ɗora ta a kan maganin hawan jini, ƙwaya ɗaya kowace safiya. Wata biyu da suka wuce ƙanena ya aiko mana da na'urar awon jini daga Duwala, irin wadda ake ɗaura wa mutum ɗamara a damtse a danna maɓalli ta hura kanta. Tun daga ranar nake auna ta kullum da hantsi bayan ta karya, kuma abin da nake gani ba ya sauka daga 160 zuwa 170 a lambar sama, ta ƙasa kuwa tana yawo tsakanin 95 da 100. Amma ranar Litinin da muka je asibiti, malamar da ta auna ta ta rubuta 14/9 a katinta, likita kuma ya ce a ci gaba da magani yadda yake. Abin da na saba ji shi ne awo yana hawa a asibiti saboda fargaba ya sauka a gida, to mu namu ya juya. Ƙanena yana ta matsa mini a waya cewa a riƙa ba ta ƙwaya biyu, ni kuma zuciyata ba ta kwanta ba. Wanne zan gaskata a cikin awon biyu?

Alhaji Ɗanjuma, Kuseri

Wa alaikumus salam. Ɗana, kada ka kuskura ka ƙara mata ƙwaya ba da umarnin likita ba, wannan shi ne na farko. Na biyu kuwa, ni na daɗe da yanke ƙauna daga waɗannan na'urori masu batir. Ina da guda a shago, kuma idan na auna sau uku a zama ɗaya sai ta ba ni lamba uku daban-daban, to yaya za a yarda da shaidar da ke canza magana a cikin minti biyar? Awon gaskiya shi ne na malaman asibiti, wanda suke matsa 'yar robar da hannu suna saurare da kunne. Idan dole sai ka yi amfani da taka, ka auna sau da yawa ka ɗauki mafi ƙanƙanta, ni haka nake yi.

Malam Sale, Njamena

Ni abin da ya tayar mini da hankali shi ne tazarar, domin 14 da 165 ba kusa suke ba, lallai ɗaya daga cikin na'urorin ta lalace sarai. Sannan ka gwada ba ta zoɓo marar sukari da tafarnuwa, mutane da yawa a nan suna yabawa.

Malama Asabe, Marwa

Malam Sale, tazarar ba ta kai yadda ka ɗauka ba. A asibitocinmu na Kamaru da Cadi mun gaji al'adar Faransawa ta faɗin tansiyo, wato awon jini, da santimita, na'urorin gida kuwa suna nuna milimita, shi ya sa za ka ga an rubuta mmHg a gefen allonsu. Saboda haka 14/9 daidai yake da 140/90. Maganar zoɓo kuma mu ajiye ta tukuna, domin tambayar Baban Iliyasu a kan awo ce, kuma sai mun san ainihin jinin Inna kafin a yi zancen abin da zai saukar da shi.

Baban Iliyasu, na shekara 19 ina aikin jinya, kuma irin wannan ƙorafi yana zuwa mana kusan kowane mako. Yana iya yiwuwa jinin mutum ya fi hawa a gida da gaske, likitoci sun san wannan kuma ba sa raina shi, amma kafin a kai can sai an tabbatar cewa yadda ake awon a gida daidai ne. Ka amsa mini waɗannan dalla-dalla. A kan me Inna take zaune lokacin awo, kuma ina hannunta yake? Me ta ci ko ta sha kafin nan? A kan riga kake ɗaura ɗamarar ko a kan fata? Sannan ka juya ɗamarar ka karanta mini lambobin da aka buga a jikinta, za ka ga lamba biyu da cm a bayansu. Daga ƙarshe ka ari tef ɗin awo a wurin tela, ka auna kaurin damtsenta a tsakiya, wato rabin tazarar da ke tsakanin ƙashin kafaɗa da gwiwar hannu, hannun yana sake ba a ƙanƙame ba.

Baban Iliyasu, Garwa

Na gode ƙwarai Malama. Inna a kan tabarma take zama a tsakar gida, ƙafafunta a tanƙwashe, ba ta jingina da komai, hannun kuma a kan cinyarta take ɗora shi. Tana karyawa da kunu da ƙosai, sai ta bi da shayi mai ƙarfi kofi biyu, kuma goro ba ya rabuwa da bakinta da safe. Hannun rigarta nake naɗewa zuwa sama, kuma gaskiya yana matse ta idan na naɗe. A jikin ɗamarar an rubuta 22-32 cm. Na ari tef a wurin maƙwabcinmu na auna damtsen, ya ba ni santimita 39. Yanzu da nake rubutu na tuna cewa da ƙyar ɗamarar take haɗuwa, wani lokaci ma idan na'urar ta fara hurawa sai manne ɗin ya ɓalle da ƙara, allon ya nuna Err, sai na riƙe ta da hannuna mu sake.

Malama Asabe, Marwa

To, ga babban abin nan ya fito. Ɗamarar da kake amfani da ita an yi ta ne don damtsen da bai wuce santimita 32 ba, na Inna kuwa ya zarce da santimita bakwai. A cikin ɗamarar akwai wata jakar roba wadda iska ke cikawa, aikinta shi ne ta danne jijiyar jinin da ke ratsa damtse har jini ya tsaya, sannan ta riƙa sassautawa a hankali na'urar tana jin bugun jijiyar. Idan jakar ta yi gajarta ba ta zagaye mafi yawan damtsen ba, ƙarfin iskar ba ya isa ga jijiyar gaba ɗaya, domin tsoka da kitse sun shanye wani ɓangare. Dole na'urar ta ƙara hura iska fiye da kima kafin jinin ya tsaya, kuma wannan ƙarin shi take nuna maka a matsayin jinin Inna. Na'urar ba ta lalace ba, ta faɗi iyakar ƙarfin da ta yi amfani da shi ne, amma ba shi ne ƙarfin da ke cikin jijiyar ba.

An gwada wannan a jami'ar Johns Hopkins ta Amurka, aka buga sakamakon a 2023. Mutanen da suke buƙatar babbar ɗamara, da aka auna su da matsakaiciya, lambar sama ta ƙaru da kusan 5, waɗanda kuma suke buƙatar mafi girma duka, tasu ta ƙaru da kusan 20. Damtsen Inna yana kusa da bakin iyakar rukunin farko, saboda haka ina sa ran nata kuskuren ya ɗara biyar. Riƙe ɗamarar da kake yi da hannu kuma yana ƙara dagula lissafin, domin na'urar tana sauraron motsi ne ɗan kaɗan a cikin iskar, kuma duk wani motsin hannunka tana jin sa.

Ka nemi ɗamara mai lamba 32-42 cm ko 22-42 cm, amma ka tabbatar ta kamfanin da ya yi na'urarka ce kuma an yi ta don wannan samfurin. Bakin tiyo yana iya shiga rami alhali ɗamarar ba ta dace da lissafin na'urar ba. Ka tafi da na'urar famasi a gwada a gabanka.

Hajiya Binta, Ngaundere

Malama, Allah ya saka da alheri. Ni ma damtsena yana da kauri, shi ya sa 'yata ta saya mini irin wadda ake ɗaurawa a wuyan hannu kamar agogo. Ashe ba ita ce mafita ga Inna ba? Sai dai ni abin da na lura, idan na auna ina kwance ko hannuna yana kan cinya takan ba ni 150, idan kuma na ɗora hannun a ƙirji sai ta dawo 130 da 'yan kai, har na rasa wanda zan faɗa wa likita.

Malama Asabe, Marwa

Hajiya, abin da kika lura da shi gaskiya ne, kuma shi ne kuskure na biyu a awon Inna. Jini ruwa ne, yana da nauyi. Kamar yadda famfon da ke ƙasa da tanki sosai ya fi zuba da ƙarfi a kan wanda ke kusa da tankin, haka jijiyar da ke ƙasa da zuciya take ɗauke da nauyin jinin da ke samanta. Duk santimita 10 da wurin awo ya sauka ƙasa da zuciya yana ƙara kimanin 7 zuwa 8 a kan lambar. Wuyan hannun da ke kan cinya yana iya yin ƙasa da zuciya da santimita 20 ko fiye, ga 150 ɗinki nan ta fito. Awon da kika yi hannu yana daidai tsakiyar ƙirji, gwiwar hannu kuma tana kan abin da ya tallafe ta, shi ya fi kusa da gaskiya. Wannan saurin kuskure shi ya sa ake fifita ta damtse, ana barin ta wuyan hannu ga wanda ba a samu ɗamarar da ta zagaye damtsensa ba. Inna kuwa tata tana samuwa.

Ko da ta damtse ce matsayin hannu yana da tasiri. Masu binciken nan na Johns Hopkins sun sake gwadawa a 2024, suka ga hannun da aka ɗora a cinya yana ƙara kusan 4 a lambar sama, wanda aka bari yana reto a gefe kuwa kusan 6 da rabi, idan aka kwatanta da wanda aka ɗora a kan tebur. Sai a haɗa da zaman tabarma ba jingina. Mai zama haka tsokokin bayansa da cikinsa suna aiki don su riƙe shi a miƙe ko da bai ji ba, ƙafafun da aka tanƙwashe ko aka harɗe su ma suna ƙara nasu. Kowanne ɗan kaɗan ne, amma idan suka taru a kan mutum ɗaya sai ka ga 10 ko 15 sun hau.

Baban Iliyasu, zaman da ake so shi ne a kan kujera mai majingina, bayanta a jingine, tafin ƙafafunta biyu a ƙasa, hannun a shimfiɗe a kan tebur, tafinsa yana kallon sama. Tsakiyar ɗamarar ta zo daidai tsakiyar ƙashin ƙirji, idan teburin ya yi ƙasa ka sa matashi. Bakin ɗamarar na ƙasa ya tsaya kamar faɗin yatsu biyu sama da lanƙwasar gwiwar hannu, tiyon ya bi ta cikin hannu, kuma a ɗaure ta yadda yatsu biyu za su shiga ƙarƙashinta da ɗan matsi. Rigar da ka ce tana matsewa idan an naɗe, wannan ta zama ɗamara ta biyu a sama da ta farko. Gara ta zare hannun daga rigar gaba ɗaya a ƙarƙashin mayafinta, matarka ko jikarta ta ɗaura mata.

Alhaji Ɗanjuma, Kuseri

Malama, na karɓi maganar ɗamara, hujja ce da hankali ya kama. Amma ina da ja a kan shayi da goro, domin na san nan za ki dosa. Idan baiwar Allah nan kullum tana shan shayi tana cin goro, to jinin da take yawo da shi a yini shi ne wanda shayin ya tayar. Idan muka hana ta sha, muka zaunar da ita a kujera kamar amarya, muka samu lamba mai daɗin ji, ba mun yaudari kanmu ba ke nan? Jijiyoyinta ai abin da ke faruwa da gaske suka sani, ba abin da muka shirya ba.

Malama Asabe, Marwa

Alhaji, wannan tambaya ce mai nauyi kuma kana da rabin gaskiya. Kurakuran iri biyu ne. Ƙaramar ɗamara da hannun da ya sauka ƙasa suna ba da lambar da ba ta taɓa kasancewa a matakin zuciyarta ba. Shayi da goro da taba da tafiya da magana kuwa suna tayar da jinin da gaske, na ɗan lokaci. Dalilin da ya sa ake kauce musu shi ne ma'aunin da likita yake kwatanta lambar da shi. Iyakar 135/85 da aka sa wa awon gida, da 140/90 ta asibiti, an samo su ne daga mutanen da aka auna suna zaune a natse. Idan ka kawo lambar da aka ɗauka bayan kofi biyu na shayi ka ɗora ta a kan wannan iyaka, kamar ka auna gero da wani mudu ne ka biya da farashin wani. Kai ɗan kasuwa ne, ka fi ni sanin abin da hakan ke jawowa. Wanda ake son sanin yadda jininsa yake a cikin hidimarsa, akwai na'urar da ake ɗaura masa ta yini ta kwana tana awo da kanta har awa 24, kuma ita tana da nata iyakokin dabam, sai dai ba kowane asibiti ke da ita ba.

Saboda haka a bar aƙalla minti 30 tsakanin awo da shayi, kofi, goro, sigari ko tabar da ake sawa a baki ko hanci. Goro yana da irin sinadarin da ke cikin kofi, kuma tsofaffinmu sukan ajiye shi a kumatu su daɗe suna tsotsa, don haka lissafin minti 30 yana farawa ne daga lokacin da aka fitar da shi. Mafi sauƙi a auna kafin karin kumallo kuma kafin shan magani. Ta fara zagayawa bayan gida, domin mafitsara cike tana iya ƙara kimanin 10. Sai ta zauna minti biyar cur ba magana, ba waya, ba rediyo. Wannan shi ne mafi wuya a gidajenmu, domin da an ga tsohuwa zaune sai a zo gaisuwa, ita kuma ba za ta ƙi amsawa ba.

Alhaji Ɗanjuma, Kuseri

Misalin mudu ya shige ni. Duk da haka ban sauka daga ra'ayina ba cewa yawan shayin nata shi ma abin dubawa ne, kuma a faɗa wa likita adadin kofin da take sha, kada a ɓoye.

Malama Asabe, Marwa

A wannan ba mu da saɓani, Alhaji. Inda ban bi ka ba shi ne ɗaukar lamba mafi ƙanƙanta. Jini ba ya tsayawa wuri ɗaya, yana sauyawa da kowane bugun zuciya da kowane numfashi, don haka bambancin 5 ko 8 tsakanin awo biyu a zama ɗaya ba shaidar lalacewar na'ura ba ne. Na farko ya fi yawan zama mafi girma saboda jiki bai gama natsuwa ba. Wanda ya zaɓi mafi ƙanƙanta kullum zai ɓoye wa likitansa cutar, wanda kuma ya riƙe mafi girma zai jawo a ƙara masa maganin da ba ya buƙata. A wannan zafin na Maris da Afrilu, da ake zufa jiki yana rasa ruwa, tsohuwar da aka ninka wa magani tana iya miƙewa daga tabarma jiri ya ɗebe ta ta faɗi, kuma na sha ganin karayar ƙugu da ta samo asali daga nan. Abin da ake so shi ne a rubuta duka a fitar da matsakaici.

Game da ta hannu da kake yabo, tana da kyau idan an kula da ita, amma allurar agogonta takan kauce idan ta sha faɗuwa, kuma mu masu awon mukan dunƙule lamba. Mai 136 da mai 144 duka ana iya rubuta musu 14. Saboda haka 14/9 ɗin da ke katin Inna ma ba mu san ainihin abin da ke ƙarƙashinsa ba.

Abdu mai famasi, Garwa

Da izinin manya, ina da ƙari biyu. Na farko, a nan abin da likitoci suka fi rubuto wa mutane shi ne ƙa'idar uku-uku ta Faransa: awo uku da safe, uku da yamma, kwana uku a jere, jimla 18. Ina ganin ya fi sauƙin bi ga mai hidima. Na biyu, mutane suna zuwa da na'urori marasa suna da suka saya a kasuwa, kuma ba kowace aka tabbatar da ingancinta ba. Akwai jerin waɗanda aka gwada mai suna STRIDE BP, mutum yana iya neman samfurin tasa a ciki. Sannan a tambayi mai awo ko yana shan maganin ciwon gaɓoɓi irin su diklofenak da ibufurofen, ko wasu magungunan mura masu buɗe hanci, domin suna iya tayar da jini, kuma tsofaffi da yawa suna shan su ba tare da ɗaukar su a matsayin magani ba.

Malama Asabe, Marwa

Abdu, ƙarinka ya yi amfani, musamman maganar maganin gaɓoɓi. Ƙa'idar uku-uku karɓaɓɓiya ce. Ni dai a wannan karon na fi son kwana bakwai, awo biyu da safe biyu da yamma, minti ɗaya tsakaninsu, a jefar da na ranar farko a yi lissafi da sauran. Dalilina shi ne Inna za ta shiga sabon zama da sabuwar ɗamara, ɗanta kuma yana tsaye a kanta fuskarsa cike da damuwa, ranar farko ba za ta natsu ba, kuma idan kwanakin uku ne kacal wannan rana ta cinye sulusin lissafin.

Abdu mai famasi, Garwa

Na fahimta Malama, amma a abin da nake gani a kanti, mutum goma da aka ce su yi kwana bakwai, kaɗan ne suke dawowa da takarda cikakkiya. Ni har yanzu ina ganin uku da aka cika sun fi bakwai da aka yi rabi.

Hajiya Binta, Ngaundere

Ni tambayata ita ce, idan ana cikin wannan mako sai aka ga lamba mai ban tsoro, a ci gaba da rubutu ne ko a tafi asibiti?

Malama Asabe, Marwa

Idan lambar sama ta kai 180 ko ta ƙasa ta kai 120, a huta minti biyar a duba zama da ɗamara a sake. Idan ta tsaya a nan, a nemi likita a ranar, kada a jira mako ya cika. Idan kuwa akwai ciwon ƙirji, sarƙewar numfashi, mutuwar gefen jiki, karkacewar baki, magana da ta harɗe, ko gani da ya dushe farat ɗaya, to ba a tsayawa sake awo, mota ake nema nan take, ko me na'urar ta nuna. Haka kuma idan alamar zuciya mai nuna bugu marar tsari tana yawan fitowa a allo, a sanar da likita, domin a irin wannan hali lambobin na'urar ba su cika zama abin dogaro ba, kuma shi kansa bugun yana buƙatar bincike.

Baban Iliyasu, Garwa

Assalamu alaikum, na dawo da bayani bayan kwana goma. Na samu ɗamara mai 32-42 cm ta kamfanin na'urar. Ranar da na kawo ta na yi gwaji a zama ɗaya, Inna tana kan kujera hannunta a kan tebur: tsohuwar ɗamara ta ba da 158/95, bayan minti biyu sabuwar ta ba da 147/89. Na auna hannu biyu kamar yadda takardar na'urar ta ce a yi a karon farko, na dama ya ɗara na hagu da 4, sai na tsaya a kan na dama.

Mun tsara lokacin safe bayan ta idar da sallar asuba ta gama lazimi, kafin a ɗora shayi, na yamma kuma kafin abincin dare. Matata ce take ɗaura mata ɗamarar, ni kuma na koma bayan kujera inda ba ta ganin fuskata, allon ma na juya shi gefe, domin na lura tana ƙura masa ido tana riƙe numfashi idan lambobin suna hawa. Ranar farko matsakaicin ya kama 152/92, na ajiye shi gefe. Sauran kwanaki shida, matsakaicin awo huɗu na kowace rana ya zo haka: 146/89, 143/88, 140/86, 142/88, 138/85, 137/86. Na tara na sama suka ba ni 846, na raba shida ya zama 141. Na ƙasa 522, ya zama 87. Ke nan 141/87. Wallahi na ji sanyi a raina da na ga babu ko ɗaya da ya kai 160, kuma ƙanena ya janye maganar ƙwaya biyu.

Malam Sale, Njamena

Alhamdu lillahi, ashe lafiyarta ƙalau, na'ura ce ta tayar muku da hankali a banza.

Malama Asabe, Marwa

A'a Malam Sale, kada mu yi saurin cewa haka. An cire kimanin 25 na ƙarya da na ɗan lokaci daga lambar sama, kuma wannan ya raba ta da haɗarin ninka magani, amma 141/87 har yanzu yana sama da 135/85, ga shi kuma tana kan magani. Baban Iliyasu, ka kai wa likita takardar yadda take, har da ranar farko, ka tafi da na'urar da sabuwar ɗamarar a gwada su tare da ta asibiti a hannu ɗaya. Na lura lambobin suna sauka daga farkon mako zuwa ƙarshe, yana iya cewa a sake wani makon kafin ya taɓa magani, yana kuma iya gyara shi kaɗan, wannan hukuncinsa ne. Ka amsa tambayar Abdu ma: tana shan wani abu don gwiwa?

Baban Iliyasu, Garwa

Tana sha, Malama. Na duba ledar magungunanta jiya na tarar da diklofenak da take aiken jikanta ya sayo mata idan gwiwar ta matsa, kusan sau uku a mako, kuma likita bai san da shi ba. Zan haɗa ledar duka na tafi da ita ranar Alhamis. Akwai kuma abin da ya rage mini. Inna ta ce zaman kujerar nan yana sa ƙafafunta tsami, da ƙyar take cika minti biyar ɗin, kuma ta roƙe ni in tambaya ko za a yarda ta zauna a tabarmarta ta jingina da bango, ta miƙe ƙafafu, a tara matasai a ƙarƙashin hannun har ya kai ƙirji.

Malama Asabe, Marwa

Ka fara duba tsayin kujerar, domin idan ƙafafunta ba sa taka ƙasa sosai gefen kujerar yana danne bayan cinya, kuma ɗan katako a ƙarƙashin ƙafa yakan magance tsamin. Idan duk da haka ta kasa, zaman bango da ta faɗa ya fi na da nesa ba kusa ba, tunda baya ya samu majingina hannu kuma ya hau daidai zuciya, sai dai iyakar 135/85 a zaman kujera aka gina ta. Ka gwada duka biyun safiya uku a jere, kana sauya wanda ka fara da shi, ka rubuta kowanne a shafinsa da sunan zaman a sama, ka haɗa su cikin abin da za ka nuna wa likita ranar Alhamis.